Gobarar shago da ejan mai neman kuɗin buɗe fayil

Malam, ina aiki a Jidda. Shagona na atamfa a Kantin Kwari ya yi gobara, kuma yana da inshora. Wani ya kira ƙanena ya ce shi ejan ɗin kamfanin ne, har lambar takardarmu ya karanto, ya ce a tura Naira 350,000 kuɗin buɗe fayil kafin Juma'a ko diyyar ta wuce mu. Ga shi kamfanin ya fitar da sanarwa cewa a yi hattara da ejan-ejan na bogi. Kawu ya ce rowa ce ta hana ni turawa. Yaya zan yi?

Ɗan'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Kada ka tura ko sisi.

A harkar diyya, kuɗi daga kamfani suke fitowa su zo gare ka. Mai ƙiyasta asara da zai zo ya duba shagon, kamfani ne ke biyan sa. Ko ɗan kason asarar da yarjejeniya ta ce kai za ka ɗauka, daga cikin diyyar ake cirewa, ba a karɓa a gaba, balle a asusun wani mutum.

Na san lambar takardar nan ce ta sanyaya maka jiki. Ba hujja ba ce. Takardar ta bi hannun dillali, ta bi shagon hoton takardu, wataƙila ƙanenka ya nuna wa mutum goma ranar gobarar. Na ga wata baiwar Allah da aka karanto wa lambarta daidai, ta biya. Bayan kwana uku aka ce sai kuɗin haraji, ta sake biya, daga nan layi ya mutu.

Ɗauko takardar inshorarka ta asali, ka kira lambar wayar da ke jikinta, ba wadda mutumin ya kira da ita ba. Tambaye su ko an buɗe maka fayil, mece ce lambarsa, wa aka tura ya duba shagon. Sannan ƙanenka ya taka da ƙafarsa zuwa ofishinsu da sunan mutumin. In ya ce shi dillali ne, hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora na wallafa sunayen kamfanoni da dillalai masu lasisi a naicom.gov.ng. Imel kuma, duba abin da ya biyo bayan alamar @ harafi-harafi, ka gwada da na takardarka. Lambar OTP da ta sirrin katin banki, ko wa ya tambaya kada a ba shi.

Wa'adi na gaskiya akwai, amma na sanar da kamfani gobarar ne, kuma yana rubuce a takardarka. In ba ku sanar a rubuce ba, yau za ku yi, da hotuna da rahoton hukumar kashe gobara.

Shi kuwa Kawu, a gaishe shi da ladabi, amma bai kyauta ba. Mutanen gida kan ɗauka riyal a ƙasa ake tsinta, kuma guminka ne zai tafi, ba nasa ba. Tura masa sanarwar kamfanin, ka roƙe shi ya raka ƙanenka ofishin ya ji da kunnensa.