Rage gudun fankar sola da Arduino: abin da ke sa mosfet ya yi zafi, moto ya riƙa kuka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fankar sola mai bolt 12, tana jan kamar amfiya 1.5. Na sa mata bolum don rage gudu, ya ƙone nan take. Sai na haɗa Arduino Uno da mosfet IRF520. Yanzu gudun yana raguwa, amma mosfet ɗin yana zafi har ba ya taɓuwa, moton yana wani siririn kuka, kuma idan na yi ƙasa da lamba sosai ba ya tashi sai na tura da yatsa. Ina kuskuren yake? (Wani mai karatu daga Kubwa, Abuja)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bolum ɗin nan ba shi da laifi, kaya aka ɗora masa da ya fi ƙarfinsa. In kana son moto ya samu bolt 6 daga batir mai 12, sauran bolt 6 ɗin a jikin bolum za su tsaya. A ce wutar da ke wucewa amfiya 1 ce, wat 6 ke nan na zafi, alhali irin bolum ɗin rediyo ko rabin wat da ƙyar yake ɗauka.

Dabarar PWM, wadda za ka ga an rubuta sunanta a jikin allon Uno, ba ta tare wuta a hanya. Kunnawa take yi gaba ɗaya, ta kashe gaba ɗaya, cikin sauri ƙwarai. A ƙafa ta 9 ta Uno ana yin wannan sau 490 a sakan guda. Lambar da ka ba `analogWrite`, daga 0 zuwa 255, ita ke yanke yawan lokacin da wuta za ta zauna a kunne cikin kowane zagaye: 64 rubu'i ne, moto ya ji kamar bolt 3, 128 rabi ne, kamar bolt 6. Makunni da yake a buɗe sarai ko a rufe ruf kusan ba ya asarar komai. Don haka idan mosfet yana ƙuna, alama ce yana tsayawa tsaka-tsaki, wato ya koma yin aikin bolum ɗin da ya ƙone.

Nan ne matsalar IRF520. An ƙera shi ne don a ba ƙafarsa ta G bolt 10 kafin ya buɗe sosai, Uno kuwa bolt 5 kaɗai take fitarwa. Ka gwada da kanka: sa `analogWrite(9, 255)`, ka ɗora mita tsakanin ƙafar D da ta S fanka tana juyawa. In ka ga bolt 1 ko 2, ka kama ɓarawon. Bolt 2 sau amfiya 1.5 wat 3 ne, kuma wannan ɗan jikin ba tare da farantin sanyaya ba, wat 1 ma ya isa ya sa ka janye yatsa. Nemi IRLZ44N. Ka duba rubutun da kyau a shago, don sau da yawa IRFZ44N za a miƙo maka a ce duk ɗaya ne. Harafin L ɗin nan shi ke nuna bolt 5 ya ishe shi. Da shi mita za ta nuna ƙasa da bolt 0.1, asarar kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wat ba.

Ga haɗin. Riƙe mosfet rubutunsa na kallonka, ƙafafu ƙasa: daga hagu G, D, S. Jar wayar moto ta tafi kan + na batir ta cikin fis mai amfiya 5, baƙar kuma ta zo ƙafar D. Ƙafar S ta tafi − na batir, kuma dole a haɗa ta da GND na Uno. In aka manta wannan waya, fanka za ta riƙa yin abin da ta ga dama. Tsakanin ƙafa ta 9 da G sa rizista mai om 150, sannan wani mai om 10,000 daga G zuwa S, don kada fanka ta zabura lokacin da Uno take tashi.

Ba ka ambaci dayod ba, kuma ina zargin babu shi. Moto naɗin waya ne, duk sanda aka yanke masa wuta sai ya mayar da martani da wuta mai ƙarfi ta baya, sau 490 kowane sakan. Wannan yana ƙara wa mosfet zafi, wata rana ya kashe shi, sai ka ga fanka ta maƙale a cikakken gudu ba ta jin umarni. Sa 1N5822 a kan wayoyin moto biyu, gefen da ke da zobe yana kallon +. In ka juya shi, fis zai tashi da zarar mosfet ya buɗe. Ƙara kafasita 1000µF mai bolt 25 tsakanin + da − kusa da mosfet.

Kukan kuwa ba lalacewa ba ne. Sau 490 a sakan sauti ne da kunne ke ji sarai, naɗin moto yana rawa da shi kamar lasifika. Maganinsa a kai saurin inda kunnen mutum ba ya kaiwa, sama da sau 20,000. Layi ɗaya a `setup` yana kai ƙafa ta 9 da ta 10 wajen sau 31,000:

```cpp
void setup() {
  pinMode(9, OUTPUT);
  TCCR1B = (TCCR1B & 0b11111000) | 0x01;
  analogWrite(9, 255);
  delay(300);
}

void loop() {
  int gudu = map(analogRead(A0), 0, 1023, 80, 255);
  analogWrite(9, gudu);
}
```

Sai dai shirun yana da farashi. Kowace kunnawa da kashewa mosfet yana ratsa wancan tsaka-tsakin na ɗan lokaci, kuma yanzu yana ratsa shi ninki 64 na da. Zai yi ɗumi, musamman da zafin Abuja na watan Maris, saboda haka ɗaura masa ƙaramin farantin alminiyom. Ka tuna bayansa na ƙarfe a haɗe yake da D, kada farantin ya taɓa wata waya. A wannan saurin kuma kada ka musanya dayod da 1N4007, ba ya rufewa da wuri. Kar ka yi wannan canjin a ƙafa ta 5 ko 6, agogonsu ne ke tafiyar da `delay` da `millis`, duk lissafin lokaci zai rikice.

Batun turi da yatsa, moto a tsaye yana buƙatar ƙarfi fiye da wanda ya riga ya ɗauki gudu, kamar amalanke da kaya. Shi ya sa a rubutun sama aka ba shi 255 na kusan sulusin sakan kafin a sauko, aka kuma hana lamba yin ƙasa da 80. Wannan 80 ɗin abin farawa ne kawai. Ka riƙa ragewa da biyar-biyar har fanka ta tsaya, sai ka ƙara 15 a kan inda ta tsaya, domin batir yana sauka da dare, abin da ya juya ta da magariba ba lallai ya juya ta da asuba ba. Moto da aka bari a tsaye wuta na shigarsa zafi kawai yake tarawa. Sabon bolum mai om 10,000 shi zai zama abin murɗawa: gefe ɗaya 5V, ɗayan GND, tsakiya A0. A nan ba ya ɗaukar wutar moto, ba zai ƙone ba.

Kafin ka sayi komai, buɗe bayan fankar. In wayoyi biyu ne kawai suka shiga moto kai tsaye, duk abin da ke sama ya shafe ka. In ka tarar da wayoyi uku ko fiye suna fitowa daga wani allo, to moto ne marar gawayi mai nasa kwakwalwar, yanka masa wuta haka zai sa ya riƙa tsayawa yana tashi, ko allon ya lalace. Wannan haɗin kuma na wutar batir ne kaɗai, kada ya kusanci fankar da ake jonawa a wutar Nepa.