Waƙar mutum biyu: yadda za su amsa wa juna har su haɗa murya

Tambaya: Malam, na rubuta waƙar da namiji da mace za su rera, kowa da baitinsa, a ƙarshe su haɗu. Da muka gwada a sitidiyo a titin Gidan Zoo, sai na ji kamar waƙoƙi biyu aka liƙa wa juna. Ina na kuskure? Daga wani matashi a Fagge.

Amsa: Ƙanena, ko ban ga takardarka ba, ina kyautata zaton macen maimaita maganar namijin take yi. Ya ce "ke ce hasken idona", ta ce "kai ne hasken idona". Kunne ya riga ya san abin da za ta faɗa kafin ta buɗe baki, don haka babu mai jiran baitinta. Ka tuna waƙar gaɗa a dandali: mai bayarwa tana jefa magana, 'yan amshi su cafe. Cafewar nan ita ce ta ɓace maka.

Kafin ka rubuta ɗango ko ɗaya, ka ba su abin da za su saɓa a kai. A ce shi zai tafi fatauci Ikko, ita kuma ba ta so. Sannan ka sa kowa ya ɗauki kalmar da ɗan'uwansa ya ajiye, ya juya ta. Ga gwaji da na tsara maka, gaɓa 9 a kowane ɗango, amsa-amon kuma "ya":

Shi: Gobe da safe zan hau hanya
Ita: Hanyar nan a gare ni ƙaya
Shi: Ƙaya ba ta hana tafiya
Ita: Tafiyar mai mance na baya

Dubi abin da ya faru da "hanya". A bakinsa neman abinci ce, da ta shiga bakinta ta zama abin da ke sukar ta. Shi ya ɗauki ƙayar ya rage mata kaifi, ita ta ɗauki tafiyar ta fito da ainihin tsoronta, wato a manta da ita. Gwajin da nake yi kullum shi ne in rufe ɗangogin namijin da hannu, in karanta na macen kaɗai. Idan suka tsaya da ƙafarsu ba tare da nasa ba, to ba ta saurare shi ba, sai a sake rubutu.

Haɗuwar kuma matsowa ake yi a hankali. A farkon waƙa kowa ya riƙe ɗango huɗu, sannan bibbiyu, sannan ɗaiɗai kamar na sama, har su raba ɗango guda a tsakaninsu:

Shi: Zan waiwayo,
Ita: ni ko zan tsaya

Gaɓa 4 nasa, 5 nata, 9 ke nan. Wanda ya ji ta ƙarasa masa numfashi ya san sun kusa shiryawa tun kafin a faɗa masa.

A nan ne Hausa ke da tarkonta, kuma na sha ganin waƙa mai kyau ta faɗa ciki. Harshenmu yana raba "kai" da "ke", "ka" da "ki". Idan ɗangon haɗuwa yana ɗauke da ɗayansu, shi zai ce "ke ce", ita ta ce "kai ne" a lokaci guda, kalmomin su yi karo, mai sauraro ya ji hayaniya. Saboda haka ɗangon da za su rera tare ya zauna a kan "mu":

Tare: Mu biyu ne, hanyarmu ɗaya

Kalmar da ta raba su a ɗangon farko ita ta dawo ta haɗa su. Ina roƙonka ka ɓoye "mu" ɗin nan har ƙarshe. Idan waƙar na da amshi, shi ya rera shi kaɗai a zagayen farko, ita a na biyu. In suka haɗa murya tun a amshin farko, ka kashe kuɗin guzurinka a tasha.

Ƙidayar gaɓa kaɗai ba ta isa ba, sai ka auna nauyinsu. A ɗango na uku, "hana tafiya" yana da gaɓoɓi marasa nauyi guda huɗu a jere, ha-na-ta-fi, don haka zai riga kiɗa gudu idan aka kwatanta da "zan hau hanya". Ka tafa hannu kana rerawa, za ka ji inda mawaƙin zai ja "ya" ta ƙarshe don ya cike gurbin.

Ranar ɗora murya kuma, ka sa mai fiyano ya fara gwada ɗangon haɗuwa da su biyun a tsaye, domin muryar mace ta fi ta namiji tashi sama, kuma a wannan ɗangon ne za a gane ko ɗaya yana maƙurewa. Idan dole kowa ya zo ranarsa daban, wanda ya zo daga baya ya rera yana jin muryar na farko a kunnensa, ya shigo daidai inda wancan ya sauke numfashi.