Tambaya da amsa: Ko magatakarda zai karɓi PDF a madadin takarda?

Tambaya: Malam, ni ina Tawa, ofishin da zan ajiye dosiyena na neman aiki kuma yana Yamai. Saura kwana tara a rufe, ga mahaifiyata kwance ba ta da lafiya, ba na iya tafiya. Na yi sikan ɗin takarduna duka. Yaya zan rubuta wa magatakarda ya karɓi PDF a madadinsu?

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya. Ɗan'uwa, kalmar "madadin" ita za ka fara cirewa daga wasiƙar. Na daɗe a teburin karɓar takardu, kuma magatakarda ba shi da ikon soke sharaɗin da sanarwa ta gindaya. Jerin takardu ne a gabansa, yana duba kowace yana sa mata alama. In ka ce ya yafe maka takarda gaba ɗaya, ka roƙe shi abin da ba nasa ba, zai ce a'a ko da yana tausayinka. Abin da ake iya ba ka shi ne karɓa ta wucin gadi: a shigar da sunanka cikin rajista kafin a rufe, takardun su biyo baya a ranar da ka ambata. Wannan ma shugaban sashe ne ke amincewa, don haka da sunan muƙaminsa za ka rubuta, ta hannun magatakarda.

Dalilin tsaurin ba ƙiyayya ba ce. Nijar na da dokar mu'amala ta na'ura tun 2019, amma hoton takarda kwafi ne kawai. Wanda ya yi maka legalize a ma'aikatar magajin gari ya riƙe ta asali a hannunsa, ya gwada da fotokofi, sannan ya buga hatimi ya sa hannu. A kan allo ba a shafa tambur a ji ko manne yake, ba a ɗaga takarda ga haske a ga inda aka kankare shekarar haihuwa.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ga gangar jikinta, sai ka juya ta zuwa Faransanci in da shi ofishin ke aiki:

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a karɓi dosiyena na wucin gadi ta hanyar PDF, dangane da sanarwa mai lamba kaza. Ina zaune a Tawa, jinyar mahaifiyata ta hana ni zuwa kafin ranar rufewa, 20 ga wata. Na haɗo takardu biyar: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum wato kaziye, difloma da katin shaida. Na ɗauki alkawarin kwafin da aka yi wa legalize za su iso ofishinku ranar 24, ni kuma zan gabatar da na asali duk ranar da aka kira ni. Ina roƙon a aiko mini da shaidar karɓa."

Lura da ranar 24 ɗin. "Nan ba da daɗewa ba" ba ya ɗaure kowa, shugaba kuwa yana son rana da zai rubuta a gefen wasiƙar. Tsakanin Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, amma saƙon da aka ba kamfanin motoci kan isa cikin kwana ɗaya ko biyu. In kana da ɗan'uwa a Yamai da zai karɓa ya kai, mai yiwuwa ma takardun su riga ranar rufewa, wannan kuwa ya fi kowane roƙo.

Sikan ɗin da ka yi, sake buɗe shi. Daga takardar asali za a ɗauka, da launi, don hatimi mai shuɗin tawada ya fito. Kaifin hoto na 200 zuwa 300 dpi ya wadatar. Ka faɗaɗa hoton har ka iya karanta lambar takarda da rubutun da ke zagaye da hatimi. In ba ka iya ba, shi ma ba zai iya ba. Katin shaida gaba da baya. Kowace takarda da fayil ɗinta da suna bayyananne, kamar 03_casier.pdf, kuma ta imel ɗin ofis za ka aika, kada ka tura wa lambar WhatsApp ta wani ma'aikaci, domin abin da ya shiga wayar mutum bai shiga rajista ba. Duba ranar kaziyenka ma: galibi ana son wanda bai kai wata uku ba, kuma ka lissafa har zuwa ranar da takardar za ta isa teburinsu.

Washegarin aikawa ka buga waya da safe, ka gaishe da magatakarda yadda ya kamata, ka tambayi lambar da aka ba wasiƙarka a rajista. In babu lamba, ba a karɓa ba tukuna. Idan kuma sanarwar ta ce ƙarara sai an ajiye hannu da hannu, kada ka zauna jiran amsa: ka kai ambulan tasha yau.