Aka sauya rizista, murya ta ƙaru, lasifika ta ƙone

Tambaya: Malam, amfilifayar masallacinmu a Garwa mai TDA2030 ce. Wani mai gyara ya cire rizistar 22k ya sa 100k, ya ce wat zai ƙaru. Ƙara ta ƙaru kam, amma muryar ladan ta koma ƙarzazzawa, lasifika biyu sun ƙone cikin wata guda. Kuɗin jama'a ne, hankalina ya tashi.

Amsa: Ɗan'uwa, ko wat ɗaya bai ƙara muku ba. Rizistar nan tana tsakanin ƙafa ta 4 da ta 2 na TDA2030, wato IC ɗin da ke ƙara ƙarfin sauti, ita ke maido wani ɓangaren abin da ya fita zuwa mashiga, don a cire shi daga abin da ke shigowa. Ita da rizistar 680Ω ke yanke sau nawa za a ninka sigina: 1 + 22k/680, wato kusan 33. Da 100k ya haura 148.

To me aka bayar a madadin wannan? Ninkin da aka sadaukar shi ke gyaran murya, domin gurɓata tana raguwa sau 1 + Aβ, inda A shi ne ninkin na'urar in ba a maido komai ba, β kuma kason da ake maidowa, faɗin mitar da na'urar ke ɗauka kuma yana ƙaruwa da kusan adadin nan. Mai gyaran ya rage wannan ajiya fiye da sau huɗu, gurɓata ta ninku haka, faɗin mita ya sauko daga wajen 140 kHz zuwa wajen 30 kHz.

Abin da ke ƙona mini rai, kusan kullum sai an kawo mini irin wannan aika-aika, mai ita kuma yana rantsuwa ya ƙara ƙarfi. Wat daga wutar da taransifoma ke bayarwa yake fitowa. A ±14V kan lasifika mai 4Ω, TDA2030 wat 14 take bayarwa da murya mai tsabta, fitarta ba ta wuce wajen bolt 12 ba, ko me ka liƙa mata. Da sai makirfo da matakin gaba sun kawo 0.36V ta kai wannan iyaka, yanzu 0.08V ya isa. Ladan na ɗaga murya, kan sigina ya yanke ya miƙe sumul, wayar cikin lasifika ta yi ta shan zafi har ta gasu. Kunne ya ji hayaniya ya ɗauka ƙarfi ne. Mai gyaran ya karɓi sefarsa ya tafi, ku kuna kewaya sahu da faranti bayan Juma'a. Wannan cin amana ne, ko da jahilci ya jawo shi.

Ku mayar da 22k. Kada kuma wani ya ce a sauko da ita ƙasa sosai don murya ta ƙara tsabta. In ninkin ya yi ƙasa da 16, TDA2030 na iya kama kaɗawa a mitar da kunne ba ya ji. Alamarta, ba kowa a makirfo amma ka taɓa ƙarfen sanyayawa ka ji ya yi zafi jau, balle a zafin Afrilu na Garwa. In murya ba ta kai ƙarshen unguwa, babbar amfilifaya da taransifomar da ta dace da ita kuke bukata.