Kun ce maganin kaska ya lalace, to lita nawa kuka zuba ma saniya guda?

"Likita, shanu 12 gare ni a gefen Badagishiri. Tun faɗuwar damina sau uku ina yi musu feshi da maganin da na sayo kasuwa, kuɗina jika shida sun tafi, kaska kuwa tana nan ga hantsa da ƙarƙashin wutsiya kamar ban yi komi ba. Ko maganin jabu ne?"

Malam, jabu akwai shi kasuwa, amma na tabbata in na zo garkenka zan tarar da abin da nake tararwa ko'ina, wato famfo guda aka cika, aka zuba magani da marfin kwalba, aka bi shanu 12 da shi ana watsa musu bisa baya kamar mai yayyafi ga tsakar gida kafin shara. Wannan ba wanka ba ne.

Ɗauko kwalbar ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasan babban suna. In ka ga amitraz 12.5%, awonshi ga shanu mililita 2 ne cikin kowace lita ta ruwa. Famfon goyo na lita 15 ke nan zai ci mililita 30, kuma da sirinji ake aunawa, don marfi kowace kwalba da nata girma. Babbar saniya kuwa sai an fesa mata wajen lita 5 kafin ruwan ya ratsa gashi ya kai ga fata, ke nan famfo guda shanu uku ne kawai. Naka 12 suna son famfo huɗu, lita 60 na ruwa, bido uku na lita 20, da magani mililita 120. In akwai maruƙa ciki lissafin zai ɗan ragu. Yanzu kai da kanka ka tuna nawa ka zuba.

Sannan inda ake zubawa. Kaska ba ta zama bisa tozo rana na dukanta, tana can inda fata ke da taushi kuma da inuwa: hantsa, tsakanin cinyoyi, hammata, ƙirji, ƙarƙashin wutsiya, cikin kunne, tsakanin kofato. A ɗaure saniya, mutum guda ya riƙe, ka faro daga ƙafafun baya da ƙasan ciki kana hawowa sama, bakin famfo na kallon inda gashi ya kwanta don ya ɗaga shi, kai da kunnuwa su ne na ƙarshe. Da sassafe ko da marece, bayan sun sha ruwa, don saniya mai ƙishirwa lasar jikinta take yi. In hadari ya taso bari sai gobe. Abin da ka dama yau ka ƙarar da shi yau, amitraz ba ya kwana cikin ruwa da ƙarfinshi. Kai kuma ka rufe hanci da baki, ka ba iska baya, ka wanke jiki da sabulu, ragowar ruwan kada ya kusanci tabki ko rijiya.

In ka yi haka, ka koma bayan kwana biyu ko uku ka duba waɗanda ka bari manne. In sun faɗi ko sun bushe, magani ya yi aiki, waɗanda za ka gani bayan sati sabbi ne daga daji, abin da ke gabanka kawai maimaita wanka kowane sati ɗaya zuwa biyu muddin damina na da ƙarfi. In kuwa ga su nan da rai suna ƙara cika da jini, to ko maganin ne ba na kirki ba ko kaskar ta saba da shi. Nan ne mutane ke sake ɓata kuɗi, a bar kwalba mai hoton sa a sayi mai hoton saniya, alhali abin da ke ciki ɗaya ne. Cypermethrine, deltamethrine da flumethrine duk ƴan ɗaki guda ne, kaskar da ta gagari ɗaya sau da yawa ta gagari sauran, amitraz shi ne na wani gida daban. Kuma awon rabi-rabi ɗin nan da kuke yi don tattali shi ne ke koya ma kaska jure magani, masu rauni su mutu, masu taurin rai su faɗi ƙasa kowace ta zuba ƙwai dubbai.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu ɗauko piya-piya ko maganin feshin wake da albasa su watsa ma bisa wai ya fi ƙarfi. Na taɓa zuwa wani gida da aka yi haka, na tarar da maruƙa biyu kwance suna dalalar da miyau, jiki na rawa, zawo na zuba, ɗaya bai kai dare ba. Mai gidan yana ce mini ai kaskar ta mutu. E, ta mutu.

Tunda muna kan wannan bari in yi maganar babbar kaskar nan mai ado ga baya, wadda namijinta ke da zane kamar an yi mishi fenti, sunanta ga likitoci Amblyomma variegatum. Arewacin Tawa wajen Abalak ba ta da yawa saboda fari, can mai zobe-zobe ga ƙafafu ce ta fi yawa, amma shanun da ke cin rani kudu, Sakkwato da Kabi ko Benin, suna dawowa da ita, kuma akwai ta inda ke da danshi. Bakinta dogo ne, ita ke kashe kan nono har saniya mai nono huɗu ta koma mai biyu, ita ke buɗe ma kirci hanya. A cibiyar bincike ta CIRDES da ke Bobo-Dioulasso sun lura cewa manyanta ba sa hawa jiki kai tsaye, tsakanin kofato suke fara kamawa lokacin kiwo, sai saniya ta kwanta da dare su lallaɓa zuwa hantsa da ƙirji. Daga nan aka fito da dabarar ɗan ramin siminti a bakin garke, ruwan magani iya ƙafa, shanu su bi ta ciki da marece kafin su kwanta, kowane kwana biyu ko uku a farkon damina. Garke duka ya wuce cikin ƴan mintuna, ruwa kaɗan, magani kaɗan. Iyakarshi dai don wannan kaskar aka yi shi, wadda ke zaune ga kunne ko wuya sai an bi ta da famfo.

"Mu ƙungiya ce ta masu kiwo kusa da Ƙonni, muna son mu tara kuɗi mu gina kwamin wankan shanu irin wanda suke nitsewa ciki."

Alhaji ku dakata. Kwami ya fi feshi jiƙa bisa, wannan gaskiya ne, amma yana cin ruwa lita dubu goma ko fiye, kuma wahalar ba ginin ba ce. Kowace saniya da ta fita tana tafiya da magani ga gashinta fiye da rabon ruwan da ta ɗauka, sai ka ga kwami cike amma ya tsinke, ga laka da kashi, ga ruwan sama na ƙara mishi. Sai da mutum guda mai littafi yana rubuta shanu nawa suka bi, ruwa nawa aka ƙara, yana zuba magani bisa awon ƙari da ke jikin kwalba, wanda ya fi na cikon farko ƙarfi, in amitraz ne ma har da farar ƙasa ta musamman ake sa mishi don kada ya lalace. In shanunku ba su kai ɗaruruwa masu zama wuri guda ba, ku sayi famfuna masu kyau ku gina ɗan lungun katako da za a riƙa tsayar da su.

"Karsanata da na sawo Yamai, ruwa biyu ce, kwana biyu ba ta ci ba ta tuƙa, yau fitsarinta ja kamar zoɓo."

Hajiya wannan ba ta jiran gobe, ki kira likitan bisashe yau. Ga alama babesiose ce, ƙwayar da ƙaramar kaska mai launin toka-toka ke sawa cikin jini tana fasa shi, jan da kike gani jinin da ya fashe ne ke fita. A sa ma'aunin zafi, lafiyayyar saniya 38 zuwa 39 take, wannan za ki gan ta 40 ko 41, a ɗaga fatar ido da leɓe, za a ga sun yi fari ko rawaya. Maganinta diminazène, wanda kuka sani na sammore, ƙunshi guda na giram 2.36 an yi shi ne don bisa mai kilo 300, in karsanar kilo 250 ce ba a ba ta duka, kashi biyar cikin shida na abin da aka dama za a yi mata cikin tsoka. Ki bar ta inuwa da ruwa gabanta, kada a kora ta kiwo, mai ƙarancin jini tafiya kawai na iya kada ta.

Ba kowane zazzaɓin kaska ne ke jin wannan allura ba. In akwai zafi, ido ya yi rawaya, kashi ya bushe ƙanana amma fitsari bai yi ja ba, an fi zaton anaplasmose, ita kuma oxytétracycline mai dogon aiki ta 20% ake ba ta, mililita 1 ga kilo 10. In kuwa bisa na ɗaga ƙafa sama-sama, tana kewaya wuri guda, tana tauna babu komi a baki, daga baya ta faɗi tana shure-shure, wannan cutar da kaska mai ado ke sawa ce, in an yanka a tarar da ruwa kewaye da zuciya. Ita ma oxytétracycline ce, amma sai an kama ta tun ranar zafin farko. Shanunmu irin Azawak da suka tashi da ƴar kaska tun suna maruƙa jikinsu ya san wasu daga cikin cututtukan nan, shi ya sa ba na cewa a share maraƙin gida tas kamar faranti. Taki kuwa baƙuwa ce mai jinin waje, ita kam a tsare ta da wanka sosai. Nama da nono bayan allura, a bi kwanakin jira da ke rubuce jikin maganin.

"Ragowar ruwan amitraz zan iya wanke dokina da jakina da shi?"

A'a, yana tsayar ma doki da jaki hanji har ya kashe su, kuma raƙumi shi ma kada a kuskura a yi mishi diminazène.

"Mu da hannu yara ke cirewa, ba mu da kuɗin magani."

Ga shanu biyu ko uku ya wadatar in ana yi kullum da safe, sai dai a kama ta daf da fata a ja a hankali don kada bakin ya karye ciki ya zama miki, a jefa cikin gwangwani mai kananzir ko cikin wuta. Kada a fashe ta da farce, mai zoben ƙafafun nan tana ɗauke da zazzaɓin Crimée-Congo mai sa mutum zubar jini, ku sa ma yaran ko leda ce ga hannu. Kaji kuma a bar su su shiga garke, amma ranar da aka yi feshi a kulle su.