Gabatar da babban baƙo a taron gidauniya: me za a faɗa, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Za mu yi taron gidauniyar haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, an ɗora mini gabatar da babban baƙo. Ɗan garinmu ne mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, bai taɓa aikin ruwa ba. Yaya zan haɗa tarihinsa da abin da ya tara mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam sakatare. Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka taka ƙafa ka je wurinsa, ko da mako guda kafin taron. Kada ka wadatu da takardar tarihin da yaronsa zai turo maka, domin makarantu da muƙamai kawai za ka gani a ciki. Ka zauna ka tambaye shi inda gidansu ke ɗiban ruwa yana yaro, da wanda ke ɗebowa, da abin da ya sa ya amsa gayyatarku. A nan za ka samu zaren da kake nema. Duk abin da ya gaya maka, ka nemi izininsa kafin ka faɗa a lasifika, don wani ba ya son a tono talaucin gidansu a bainar jama'a.

Na taɓa gabatar da wani Alhaji a taro irin naku. Muna hira sai ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mini tabo a idon sawu, ya ce kurkunu ne, ya kwantar da shi damina guda cur saboda ruwan kududdufi. Da izininsa, ga abin da na faɗa bayan gaishe-gaishe:

"Jama'a, dattawan da ke nan sun san kududdufin bayan gari. Baƙonmu na yau ruwansa ya sha ya girma, har yau yana ɗauke da tabon kurkunu a ƙafarsa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da kurkunu a Najeriya, amma 'ya'yanmu mata har gobe da jarka suke sammako, ƙararrawar makaranta ta buga suna hanya. Allah ya buɗa masa a kasuwa, bai manta da wannan hanyar ba. Da na tambaye shi dalilin zuwansa, ƙafar ya nuna mini."

Daga nan na kira cikakken sunansa da laƙabinsa, na roƙe shi ya taso. Duka bai kai minti biyu ba. Ka lura kasuwancinsa jimla ɗaya ya samu, kuma sunan a ƙarshe ya zo, don tafi ya tashi daidai lokacin da yake miƙewa.

Inda masu gabatarwa suka fi zamewa shi ne su rikiɗe su koma maroƙa. Da ka shiga lissafa shagunansa da motocinsa kana yi masa kirari, mai niyyar ba da naira dubu biyar zai mayar da hannunsa aljihu, ya ce ai Alhaji shi kaɗai ya isa. Kuma ka sa shi kansa a tsaka mai wuya: ko ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa don kunya, ku yi ta sintiri a ƙofar shagonsa wata da watanni, ko ya ba da abin da ya shirya jama'a su raina. Don haka ko ya raɗa maka adadin da zai bayar, kada ka furta, kada ma ka ce "mun san ba zai ba mu kunya ba". Alamar ka zarce gona da iri ita ce ka ga baƙon ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bayan rumfa kuma an koma hira.

Ka tabbatar da matsayinsa wurin kwamiti. Babban baƙo daban, mai ƙaddamarwa daban, uban taro daban, kuma musanya su na ɓata rai. Hakimi ko dagaci da liman su ake fara gaisarwa, a taƙaice. Labarin Sa'adu ɗan Ubada da rijiyar da ya haƙa sadaka ga mahaifiyarsa ka bar wa liman, ya fi ka iya kawo shi.

In kuwa ka yi hirar ka tarar bai taɓa wahalar ruwa ba, a birni ya tashi, kada ka ƙirƙira masa, akwai sa'o'insa a zaune da za su kalli juna. Ka tambaye shi unguwar da mahaifiyarsa ko kakarsa ta zauna, ka auna tazararta da inda za a haƙa rijiyar, ka fara da wannan.