Na biyo shi Gombe, amma raina bai biyo ba

Tambaya: "Na bar koyarwa da dangina a Azare, na biyo maigidana Gombe saboda aikinsa. Shekara guda ke nan ina jin haushinsa, ban faɗa masa ba."

'Yar'uwa, shirunki ne ya fi ƙaurar haɗari, domin shi yana ganin kin amince, ke kuwa kina lissafa masa bashin da bai san ya ci ba. Ni ma na yi haka a unguwar Tumfure da ke Gombe, sai haushin ya riƙa fitowa a kan kuɗin cefane.

Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki ambaci abin da kika rasa, wato albashinki da ɗalibanki, sannan ki nemi abu takamaimai: izinin neman koyarwa, ko zuwa Azare duk wata biyu. Kada ki fara da "saboda kai", domin zai kare kansa ne kawai. Idan barci da cin abinci sun gagare ki makonni, ki ga likita.